Yadda ake yanke shirun farko da na ƙarshe a karatun da aka ɗauka ko saƙon murya

Ni ne ke ɗaukar karatun bayan Magariba a masallacinmu na Anguwan Rogo, nan Jos, in gyara in tura wa 'yan guruf. Tun ana jan sahu nake kunna rikoda, don gudun kada malam ya fara ban shirya ba, kuma ba na samun damar kashewa sai jama'a sun watse. Saboda haka duk ɗaukar da na yi tana zuwa da wutsiya biyu: minti uku ko huɗu na tari da jan tabarma a gaba, wasu mintuna na gaishe-gaishe da neman takalmi a baya. Wanda aka tura wa ita a haka zai saurara sakan ashirin, bai ji komai ba, ya ce babu murya, ya rufe.

Aikin yankewar ba shi da wuya. Abin da ke kayar da sabon shiga guda ɗaya ne: yana yanka da ido, alhali kunne ne ke da hukunci. Abin da ya yi kama da shiru a allon kwamfuta sau da yawa a cikinsa ne malam yake ta'awwuzi a hankali.

Kayan aiki

- Kwamfuta, ko da tsohuwa ce, mai manhajar Audacity. Kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux.
- Iyafis ko babban abin sawa a kunne. Sifikar laftof tana haɗiye ƙananan sautuka, da ita ba za ka ji numfashi ko raɗa ba.
- Kebul ko filash na ɗauko fayil daga waya.
- Takarda da biro, don rubuta lokuta biyu kacal.
- Ga mai fayiloli da yawa, ko wanda ba ya son ingancin sauti ya ragu ko kaɗan: FFmpeg, wata manhaja da ake sarrafawa ta hanyar rubuta mata umarni a Command Prompt ko Terminal. Bayaninsa na ƙasa.

In babu kwamfuta, waya ma tana yi, na kawo hanyarta daga baya. Amma ka karanta matakan kwamfutar tukuna, domin dabarar iri ɗaya ce.

Misalin da za mu bi shi ne wani karatu da na ɗauka da damina, tsawonsa awa 1 da minti 12 da sakan 40, ana yayyafi a kan kwanon masallaci, janareton maƙwabta kuma yana ta ruri.

1. Nemo fayil ɗin, ka yi kwafinsa

Kafin ka taɓa komai ka kwafi fayil ɗin zuwa wata folda, ka yi aiki a kan kwafin. Na taɓa adana gyararren a kan na asali, daga baya na gano na yanke addu'ar rufewa, kuma babu inda zan koma in ɗauko ta. Tun ranar nake da folda biyu, ɗaya ta ɗanye, ɗaya ta gyararre.

In saƙon murya ne na WhatsApp a wayar Android, yana zaune a nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Voice Notes
```

Sunansa yakan fara da PTT, sai kwanan wata, ya ƙare da .opus. Rikodar waya kuma yawanci .m4a take bayarwa, ƙananan rikodoji na hannu .mp3 ko .wav.

2. Buɗe shi a Audacity

Ka ja fayil ɗin ka saki a cikin tagar Audacity, ko ka bi File, sannan Open. In ya ƙi buɗe .m4a, ba lalacewa fayil ɗin ya yi ba. Audacity ne ke buƙatar a saka masa ƙarin FFmpeg kafin ya karanta irin wannan. Tsofaffin fitowarsa ma haka suke yi wa .opus.

Da ya buɗe za ka ga zanen sauti, wani abu kamar ciyawa a jere daga hagu zuwa dama. Inda ya yi tsayi murya ce mai ƙarfi, inda ya kwanta ya zama siririn layi shi ne ake kira shiru. Danna Ctrl+F ka ga karatun gaba ɗaya a allo guda. A nawa misalin, sai ga siririn layi a hagu, dogon daji a tsakiya, sannan wasu 'yan tsire-tsire a warwatse a dama.

Ka kama gindin layin sautin da linzami ka ja shi ƙasa ya ƙara faɗi. In ka danna maɓallin dama a kan ma'aunin da ke tsaye a gefensa ka zaɓi Logarithmic (dB), ƙananan sautuka za su kumbura su fito fili. A nan za ka gane cewa shirun ba shiru ba ne: ruwan sama, fanka da janareto duk suna ciki, sun yi wata shimfiɗa mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Maganar malam a kan wannan shimfiɗar take hawa.

3. Gano inda magana ta fara

A nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Danna kusa da inda ciyawar ta fara tashi, sannan ka riƙa danna Ctrl+1 har sai abin da ke allo bai wuce sakan 10 ba. In ka zarce, Ctrl+3 zai ja da kai baya. Yanzu ka koma kamar sakan 20 kafin tudun farko, ka danna wurin, ka taɓa Space, ka saurara da iyafis a kunne.

Ga abin da ya faru a misalina. Ido ya nuna mini tudun farko a 3:26, wato inda malam ya ɗaga murya ya ce "Assalamu alaikum". Da na bi ido, nan zan yanka. Amma da na saurara, sai na ji tun 3:18 ya fara a'uzu billahi da bismillah, da murya ƙasa-ƙasa, bai ma matso da makirfo ba. A allo wannan sakan takwas ɗin kusan daidai suke da ƙarar ruwan kwano. Malamai da yawa haka suke buɗe karatu, kuma ɗalibai suna lura in an cire.

Ko a cikin kalma ɗaya akwai irin wannan tarkon. Haruffa kamar h, f, s da sh iska ce kawai ke fita, ba su da tudu sosai a zane. In mutum ya fara saƙonsa da "Hajiya, ina kwana", tudun da kake gani na wasalin a ne, h ɗin tana gabansa a kwance. Ka yanka a gindin tudun, sai a ji "ajiya, ina kwana". Haka "sannu" ke komawa "annu". Maganinsa shi ne barin rata: ka nemo ainihin inda sautin farko ya fara, ka ja baya rabin sakan, nan ne wurin yanka. A misalina sautin farko yana 3:18.4, don haka na rubuta 3:17.9 a takarda.

Ratar tana da wani amfanin kuma. Wasu sifikokin Bluetooth da rediyon mota sukan ɗan yi jinkiri kafin su farka, su cinye somin fayil. Gara su cinye ƙarar fanka da su cinye bismillah.

In malam ya yi gyaran murya ko ya bubbuga makirfo kafin ya fara, ni nakan cire. In kuma wani ya gabatar da shi, ya faɗi sunan littafi da babin da za a karanta, nakan bari, domin mai saurare a Bukur ko Abuja da wannan zai san inda aka kwana.

4. Gano inda magana ta ƙare

Danna K ya kai ka ƙarshen fayil, ka riƙa dawowa baya. Ƙarshe ya fi farko ruɗani, don babu shiru na gaskiya a wurin, sai hayaniya: ana salati, ana gaisawa, yaro na kuka, wani na tambayar ko an ga takalminsa. Zane ba zai bambanta maka wannan da karatu ba, dole ka saurara.

Muryar mai magana takan sauka a jimlar ƙarshe. "Wassalamu alaikum wa rahmatullah" tana ƙarewa ne da numfashi, ga kuma amsa-kuwwar ɗakin da ke biyo baya. In ka datse daidai kan harafin ƙarshe, zai fito kamar an ɗauke wuta. Nakan bar sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan sautin ƙarshe. In jama'a sun amsa sallama ko sun ce amin, nakan bar amsar ta cika, sannan in ƙirga ratar.

A misalina malam ya rufe a 1:06:52, na rubuta 1:06:53.5. Amma kafin in yarda da wannan, sai da na saurari sauran minti biyar da 'yan kai ɗin da suka rage, ina tsallakawa sakan talatin-talatin. Dalili kuwa, akwai ranar da malam ya yi sallama, aka fara tashi, sai ya dawo makirfo ya ce ya yi kuskure a lambar wani hadisi, ya gyara. Gyaran nan yana can cikin wutsiyar da na kusa zubarwa.

5. Yanke ƙarshe tukuna, sannan farko

Tsarin nan da dalilinsa. In ka fara cire minti uku na gaba, duk lokutan da ke baya za su matso, 1:06:53.5 ɗin da ka rubuta ya tashi daga aiki. In ka fara da wutsiya kuwa, lokacin farko yana nan inda yake.

Danna daidai wurin yankan ƙarshe, ka danna Shift+K. Wannan zai zaɓi daga nan har ƙarshen fayil. Taɓa Delete. Sai ka koma wurin yankan farko, ka danna shi, ka danna Shift+J, wanda zai zaɓi daga somin fayil zuwa inda kake, ka sake taɓa Delete. Sauran sautin zai matso da kansa ya fara daga sifili. In hannunka ya kuskure, Ctrl+Z na mayar da abin da ka goge.

Akwai wata hanyar da wasu ke bi: su zaɓi ɓangaren da suke so, su danna Ctrl+T, ya zubar da na waje. Tana yi, sai dai tana barin sautin a inda yake, da fili fayau a gabansa, kuma filin nan na iya bin ka cikin fayil ɗin da za ka fitar a matsayin shiru. In ka bi ta nan, ka shiga Tracks, Align Tracks, Start to Zero kafin ka fitar.

Nawa ya dawo awa 1 da minti 3 da sakan 35 da ɗoriya. Abin da aka zubar ya kai minti 9.

6. Lallaɓa bakin yankan

Saurari sakan biyar na farko. Za ka iya jin wani ɗan "ƙas" a daidai somi, ko ka ji ƙarar janareto ta faɗo maka kunne gaba ɗaya ba sallama. Hakan na faruwa ne don an yanki igiyar sauti tana tsakiyar kaɗawa.

Zaɓi kashi ɗaya cikin huɗu na sakan daga farkon, wato rabin ratar da ka bari, ka shiga Effect ka nemi Fade In. A sababbin fitowa yana ƙarƙashin Fading. Ka kula kada zaɓin ya hau kan magana, in ba haka ba ka dusashe bismillar da ka wahala wajen cetowa. A ƙarshe kuma ka zaɓi sakan ɗaya na wutsiya ka sa Fade Out, hayaniyar ta janye a hankali.

7. Fitar da fayil

A nan sababbi da yawa ke tura abin da ba ya buɗuwa. Save Project yana adana aikin Audacity ne, fayil mai ƙarewa da .aup3, wanda waya ba ta san shi ba. Abin da kake so shi ne File, sannan Export Audio. Zaɓi MP3. Ga maganar mutum ɗaya, Mono a kan 64 kbps ya wadatar, awa guda za ta zo kusan megabayit 29. A kan 128 kbps ninki biyu ne, masu sayen data kaɗan-kaɗan kuma ba za su gode maka ba. Sa masa suna mai kwanan wata da littafi, ka ajiye a foldar gyararre.

Kafin ka tura, buɗe sabon fayil ɗin a waya, ba a Audacity ba, ka ji farkonsa da ƙarshensa, ka duba tsawonsa. In ka ga sakan ɗaya kacal, to zaɓin Fade Out ɗinka kawai ka fitar, sai ka koma ka tabbata gaba ɗaya aikin aka zaɓa a tagar fitarwa.

Gargaɗi a kan Truncate Silence

Za ka ci karo da wannan a cikin Effect, sunansa kuma zai ruɗe ka. Ba farko da ƙarshe kaɗai yake taɓawa ba. In ka zaɓi fayil gaba ɗaya, duk inda sauti ya sauka ƙasa da ma'aunin da aka sa masa, sai ya matse wurin. A karatu kuwa shirun tsakiya yana da aiki: malam ya jefa tambaya ya dakata, ko yana jiran alaramma ya ja aya, ko ɗalibi daga sahun baya yana tambaya da muryar da makirfo bai kama sosai ba. In aka matse waɗannan, sai ka ji malam yana amsa tambayar da ba a yi ba. Ga yanka biyu kacal, hannu ya fi shi sauri da aminci.

In kwamfuta babu

Rikodar wayoyi da yawa tana da wurin gyara. A Voice Memos na iPhone, in ka shiga gyaran fayil za ka ga hannaye biyu masu launin rawaya a gefe da gefe, ka ja su ciki. Ka lura da maɓallan biyu: Trim yana riƙe abin da ke tsakanin hannayen, Delete kuma shi yake gogewa. Ka yi Duplicate kafin ka fara. Voice Recorder na Samsung ma yana da irin wannan a ƙarƙashin Edit. In taka ba ta da shi, Lexis Audio Editor na yi a Android.

Matsalar waya ita ce yatsa. Karatun awa guda a allon da bai wuce tafin hannu ba, ɗan motsi kaɗan ya tsallake sakan talatin. Ka buɗa zanen da yatsu biyu iyakar yadda zai buɗu, in kuma bai buɗuwa, ka yi yankan sau biyu: na farko ka bar rata mai yawa, na biyu ka matso. Ga saƙon murya na minti ɗaya ko biyu kuwa waya ta isa, ba sai an kunna laftof ba.

Hanyar FFmpeg, ba tare da an sake matse sauti ba

Duk lokacin da Audacity ya fitar da MP3 daga MP3, sai ya sake matse sautin, inganci ya ɗan ragu. Sau ɗaya kunne ba ya kamawa, amma fayil ɗin da ya bi hannu uku kowa na gyarawa zai fara yin kamar ana magana cikin ruwa. FFmpeg na iya yanka ba tare da ya taɓa sautin ba. Da lokutan nan biyu na takarda:

```
ffmpeg -i karatu.mp3 -ss 00:03:17.9 -to 01:06:53.5 -c copy gyararre.mp3
```

Wannan -c copy ɗin shi ne ke cewa a kwafa kawai. Cikin 'yan sakanni ya gama, kuma haka yake yi wa .m4a da .opus, muddin sabon fayil ya ƙare da irin ƙarshen na asali. Abin da ka rasa shi ne Fade In da Fade Out, domin su sai an sake matsewa.

Yana kuma iya taya ka neman shirun:

```
ffmpeg -i karatu.mp3 -af silencedetect=noise=-35dB:d=2 -f null -
```

Ma'anarsa, ya lissafo duk inda sauti ya yi ƙasa da -35dB na aƙalla sakan 2. Zai rubuto silence_start da silence_end da adadin sakanni. Lambar nan -35 ita ce kan maganar. Sifili shi ne ƙarshen ƙarfi, duk yadda lamba ta yi nisa ƙasa da sifili, sautin ya fi rauni. In ba ka sa komai ba, -60dB yake ɗauka, wanda sai ɗaki mai tsit. A masallaci mai fanka ba zai samo maka shiru ko ɗaya ba. Yadda nake zaɓa: a Audacity in kunna sakan biyar na hayaniyar zalla, in dubi inda koren ma'aunin sama ke tsayawa, in ƙara kamar 5 a kai. Ranar ruwan nan ma'aunin yana wajen -38, na sa -33.

Da na gwada a misalina, silence_end na farko da ya dace da fara karatu ya nuna wajen sakan 206, wato 3:26, daidai kan "Assalamu alaikum". Ta'awwuzin da bismillar sun yi kusa da ƙarar ruwa har ya lissafa su cikin shiru. Don haka lambar da ya ba ka, wurin fara saurare ce: ka ja baya sakan 20 daga nan, ka sa iyafis, ka bi mataki na 3 kamar yadda yake. Wannan ne ma ya sa ba na barin silenceremove, wanda ke yankewa da kansa, ya taɓa karatun masallaci. Nakan bar shi ga saƙonnin murya da aka ɗauka a ɗaki, waya na bakin mai magana, inda tazarar murya da hayaniya take da faɗi:

```
ffmpeg -i sako.opus -af silenceremove=start_periods=1:start_threshold=-40dB:start_silence=0.5 sabo.mp3
```

Wannan farko kaɗai yake yankewa, ya bar rabin sakan. Don ya yi ƙarshe, akan juya sautin baya da areverse, a yanke, a sake juyo shi. Sai dai areverse yana ɗora fayil gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, karatun awa guda na iya cin fiye da gigabayit ɗaya, tsohuwar laftof ta sandare. Ga dogon karatu, ka nemo lokacin ƙarshe da kunnenka ka rubuta shi bayan -to.